Rahoton Hedimasta na Ƙarshen Shekara: Yadda Kwamitin Makaranta Zai Karanta Shi

Idan shekarar karatu ta zo ƙarshe, wajen watan Yuli, ko kuma a farkon sabuwa a watan Satumba, ana sa ran hedimasta ya tara kwamitin kula da makaranta ya ba shi bahasin shekara: yara nawa ke makarantar, me suka koya, nawa ya shigo, nawa ya fita, me ake buƙata. A wurare da yawa zaman ba ya ɗaukar lokaci. Malam ya miƙe da takardarsa ya karanta, wani lokacin ma da Turanci, a yi masa sannu da ƙoƙari, liman ya yi addu'a a shafa a watse. Ba wanda ya yi ƙarya, ba kuma wanda ya tashi da sanin halin da makarantar take ciki.

Wannan kwamiti, wanda aka fi sani da SBMC, ya samo asali ne daga shawarar da Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta yanke a tsakiyar shekarun 2000, jim kaɗan bayan dokar ilimin bai ɗaya ta 2004, cewa kowace makarantar gwamnati ta samu wakilan jama'ar gari da za su sa mata ido. A cikinsa akwai mai unguwa ko dagaci ko wakilinsu, da malaman addini, da iyaye maza da mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'ar hannu, da wakilin malamai, har da ɗalibai. Hedimasta ne yawanci sakatare. Shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008, ya horar da irin waɗannan kwamitoci a Kano da Jigawa da Kaduna da wasu jihohi uku na ƙasar. A Jamhuriyar Nijar ma akwai takwaransa da ake kira COGES.

Matsalar tana nan cikin tsarin kansa. Mutumin da ke rubuta rahoton shi ne sakataren masu duba rahoton, kuma sau da yawa shi ya fi kowa boko a wurin. Kunya da girmamawa kan hana a yi masa tambaya. Amma ba sai mutum ya yi digiri zai iya auna rahoton hedimasta ba, domin kowane adadi da ke cikinsa yana da littafin da aka ciro shi a ofishin makarantar, yana kuma da abin da ido zai iya gani a harabarta. Aikin ɗan kwamiti shi ne ya haɗa ukun nan ya ga ko sun dace.

Bari mu ƙaddara wata firamare a wani ƙaramin gari mai kasuwa ranar Alhamis. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, na tsara su domin a ga yadda lissafin ke tafiya.

Yara 840 a takarda

Hedimasta ya buɗe da albishir: bana akwai ɗalibai 840, bara kuwa 780 ne, an samu ƙarin 60. Jama'a suka ce madalla. Amma jimla ba ta nuna komai sai an warware ta aji-aji. Da aka warware, aji ɗaya yana da 230, aji biyu 190, aji uku 160, aji huɗu 110, aji biyar 85, aji shida kuma 65. Tun daga nan an ga cewa makarantar tana ɗaukar yara da yawa, tana kuma zubar da su a hanya.

Kuskuren da aka saba yi shi ne a gwada aji huɗu na bana da aji huɗu na bara. Waɗannan ba yara ɗaya ba ne. Abin da ya kamata a gwada shi ne aji uku na bara da aji huɗu na bana, domin su ne dai yaran, sun ƙara shekara guda. A makarantarmu aji uku na bara yana da 150, aji huɗu na bana 110. Yara 40 sun ɓace tsakanin Yuli da Satumba, kuma ƙarin 60 da aka yi murna da shi ya rufe wannan giɓi, saboda sababbin shiga aji ɗaya sun yi yawa. Wannan gaɓa ta aji uku zuwa huɗu tana da tarihi a makarantun gwamnati: shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ya tsaya ne a aji ɗaya zuwa uku, don haka a inda abinci ne ya jawo yaro, ranar da ya tsallaka aji huɗu dalilin zuwansa ya ragu. A wannan shekarun ne kuma yaro ke isa aikin gona ko kiwo, yarinya ta isa ɗaukar farantin talla.

Sai a sake yin wannan lissafi, maza daban mata daban. 'Yan mata 38 ne a aji biyar bara, bana a aji shida saura 21. Mutum 17 ba adadi ne mai wuyar bi ba a ƙaramin gari. Wakiliyar mata tana iya cewa, "Malam, a ba mu sunayensu da unguwanninsu, mu za mu shiga gidajen." Rahoton da ya zo da sunaye ya ba kwamiti aikin yi a makon nan. Za a tarar wasu sun koma wani gari da iyayensu, wasu an mayar da su Islamiyya zalla, wasu ana shirin aurar da su, wasu kuwa rashin kayan makaranta ne kawai ko rashin makewayi, abin da ake iya magancewa da ɗan kuɗi kaɗan.

Akwai littattafai biyu da ba a so a cakuɗa su. Rajistar shiga ita ce babbar da ake rubuta sunan yaro ranar da aka kawo shi, tare da lambarsa, kuma sunan kan zauna a ciki ko da ya daina zuwa, sai in an rubuta ranar fitarsa da dalili. Rajistar kiran suna kuwa tana hannun malamin aji, ana cika ta safe da rana. Adadin 840 daga ta farko ya fito. Wanda ke son sanin yara nawa ke karatu sai ya duba ta biyu, ya kuma duba ta da kyau. Shafin da aka cika mako guda cur da biro ɗaya, hannu ɗaya, ba gyara ko ɗaya, kowane yaro ya halarta har ranar kasuwa, alama ce ta cewa an zauna an cika shi a zama guda, wataƙila da aka ji sufeto na tafe.

Maganin wannan mai sauƙi ne, gani ya kori ji. 'Yan kwamiti biyu su shigo ba sanarwa da misalin ƙarfe goma, su bi aji-aji su ƙirga kawuna. A misalinmu an ƙirga 590 wata Talata, wato kashi 70 cikin ɗari na masu suna a rajista. Ranar Alhamis aka samu 410, ƙasa da rabi. Hedimastan da ya san aikinsa shi da kansa zai kawo wannan ƙirge a rahotonsa, ya nuna yadda halarta ke faɗuwa lokacin shuka da lokacin girbi da kuma ranar kasuwa, domin wannan ba laifinsa ba ne shi kaɗai, kuma mai unguwa da liman sun fi shi ikon gyara shi.

Ya kamata a san cewa akwai abin da ke jan hedimasta ya bar sunayen da suka mutu a rajista. Rabon littattafai da malamai da abinci kan bi yawan ɗalibai, kuma adadin da ya cika a takardar ƙidayar makarantu ta shekara-shekara shi ke tafiya har hukumar SUBEB. Makarantar da ta faɗi gaskiya tana jin tsoron a rage mata kaso. Ana iya fahimtar wannan tsoro, amma kwamiti ba shi da dalilin barin a yaudare shi da adadin da aka tanada don wani ofishi.

Haka lissafin malamai. Rahoto ya ce 14, wato malami ɗaya ga yara 60. A cire hedimasta da ba ya riƙe aji, a cire wanda ya tafi ƙaro karatu, da wadda ke hutun haihuwa, da wanda aka turo a takarda amma bai taɓa kama aiki ba, saura 10. Kowane malami yana da yara 84 ke nan, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce 35 a firamare. Ɗakunan karatu 9 ne, biyu iska ta yaye rufinsu, don haka da a ce duk yaran za su zo rana guda, kowane ɗaki zai ɗauki 120.

Kashi 88 na su wa?

A ɓangaren sakamako ne aka fi yin ado. Hedimasta ya ce kashi 88 cikin ɗari na 'yan aji shida sun ci jarrabawar shiga ƙaramar sakandare. Tambaya ɗaya ke warware wannan: cikin mutum nawa? Yara 48 ne suka zauna, 42 suka ci, lissafin daidai ne. Sai dai aji shida yana da 65. Sauran 17 ba su zauna ba, kuma sau da yawa waɗanda ba su zauna ba su ne masu rauni ko waɗanda suka riga suka daina zuwa. Idan aka auna 42 da 65, kashin ya sauko zuwa 65. Idan aka koma rajistar shiga aka ga yara 180 ne suka fara aji ɗaya tare da su, waɗanda suka kai ga ci ba su cika kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wannan adadi na ƙarshe yana buƙatar hattara, tunda akwai waɗanda suka canza makaranta da waɗanda suka maimaita aji, amma ya fi kashi 88 kusa da gaskiya.

Akwai kuma tambayar da ba kasafai rahoto ke amsawa ba: cikin 42 ɗin nan, nawa ne suka je suka zauna a aji ɗaya na ƙaramar sakandare? Doka ta ce ilimin dole shekara 9 ne, 6 a firamare 3 a ƙaramar sakandare. Idan sakandaren tana nesa da gari, za a iya tarar da cewa takardar ci tana cikin akwati, yarinyar tana gida.

Sakamakon jarrabawar ƙarshen zango bai kamata a dogara da shi sosai ba. Malamin da ya koyar shi ya tsara tambayoyin, shi ya duba, kuma a yawancin makarantu kowa na wucewa aji na gaba ko ya iya ko bai iya ba. A ganina, awon da ya fi amfani ga kwamiti shi ne wanda zai iya yi da kansa cikin sa'a guda. A ɗauki rajistar aji uku mai suna 160, a zaɓi kowane suna na takwas, a samu yara 20. Kada a bar malamin aji ya zaɓo, domin gwanayensa zai kawo, kuma ba a ga laifinsa ba. A ba kowane yaro ɗan labari na Hausa mai layi huɗu ko biyar wanda bai taɓa gani ba, saboda yaranmu suna da ƙarfin hadda, za su iya rera shafin littafin aji ba tare da sun gane harafi ba. Wanda ya kasa labarin a gwada shi da kalmomi, wanda ya kasa kalmomi a gwada shi da gaɓoɓi irin su ba, bi, bu, in ya kasa a koma haruffa. A rubuta inda kowa ya tsaya. Irin wannan hanya ce shirye-shiryen koyon karatu da Hausa suka yi amfani da ita a jihohin Arewa, kuma duk ɗan kwamitin da ya iya karanta Hausar boko zai iya gudanar da ita. Idan yara 5 cikin 20 ne suka karanta labarin, to wannan shi ne adadin da za a rubuta, a sake gwadawa baɗi a ga ko ya motsa.

Kuɗi

Nan ne ake yin shiru ko a yi rigima, kuma duka biyun kan faru ne saboda rashin sanin abin da ke bi ta hannun hedimasta. Albashin malamai ba ya bi ta hannunsa, haka kuɗin manyan gine-gine da ake ba 'yan kwangila. Abin da yake bayar da bahasi a kai shi ne tallafin gyaran makaranta idan ya zo, da gudummawar mutanen gari, da ta tsofaffin ɗalibai ko ƙungiyar iyaye da malamai. Shirin NIPEP, alal misali, wanda ya fara a 2015 a Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina da Sakkwato, ya riƙa tura irin wannan tallafi kai tsaye zuwa asusun makarantu. Ƙa'idar irin wannan asusu ita ce kada mutum ɗaya ya iya cire kuɗi shi kaɗai, sai da sa hannun wani daga kwamiti, yawanci shugaba ko ma'aji.

Ga lissafin makarantarmu. An shigo shekara da ragowar naira 35,000. Tallafi ya kawo 500,000, mutanen gari suka tara 120,000, tsofaffin ɗalibai 45,000, jimla 700,000. An kashe 310,000 wajen rufe aji guda, 180,000 a benci 20, sai 40,000 na alli da rajistoci, 55,000 na gyaran famfon tuƙa-tuƙa, 25,000 kuɗin mota zuwa ofishin ilimi, da 60,000 da aka rubuta wa "sauran abubuwa". Jimlar kashewa 670,000, ragowa 30,000.

Abu na farko da ma'aji zai duba shi ne ko 35,000 da aka ce an shigo da ita ita ce aka ce ta rage a rahoton bara. Idan bara an ce saura 52,000, to akwai bayanin da ake bin Malam bashi kafin a ci gaba. Na biyu, takardar banki. Ta nuna 12,000 a asusu, don haka dole 18,000 ta kasance a hannu, a ƙirga ta a gaban jama'a, ko a nuna abin da banki ya zare na cajinsa. Na uku, rasit, sannan kayan da kansu. Benci 20 abu ne da ake tashi a je a ƙirga, kuma kafintan da ke cikin kwamiti ya san kuɗin katako a kasuwa, ya san bandir nawa na kwano aji guda ke ci. Dalilin sa masu sana'a a kwamiti ke nan, ko da yake sau da yawa a bayan taro suke zama ba wanda ya tambaye su.

Layin "sauran abubuwa" shi ne wanda bai kamata a wuce shi ba. Naira 60,000 ta fi abin da aka kashe a famfo. Ba lallai cuta ba ce. Wataƙila ruwan sha ne da lemo na baƙin da suka zo duba makaranta, da kuɗin buga takardun jarrabawa, da ladan mai gadi na wata biyu, duk an kashe a wuraren da ba a ba da rasit. Amma sai a warware su ɗaya-ɗaya, kuma inda babu rasit, wanda ya karɓi kuɗin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a littafi. Dagaci yana iya faɗin wannan ba tare da ya ci mutuncin kowa ba: "Malam, ba zargi ba ne, so muke in an tambaye mu a gari mu samu abin faɗa." Shi ma hedimastan wannan ce kariyarsa, domin da yawa daga cikinsu daga aljihunsu suke sayen alli, kuma in ba a rubuta ba, ba mai biyansu, ba kuma mai yarda.

Alamun da ke sa a tsananta bincike sanannu ne: cire kuɗi gaba ɗaya ranar da suka shigo, shugaban kwamiti da ya sa hannu a cak ɗin da ba a rubuta adadi ba don gudun wahalar zuwa banki, rasit na shaguna daban-daban da rubutun hannu iri ɗaya. Sai kuma kuɗin da ake karɓa a hannun yara da sunan jarrabawa ko katin sakamako amma bai bayyana a rahoto ba. Dokar 2004 ta ce ilimin firamare da ƙaramar sakandare a makarantun gwamnati kyauta ne, ta kuma mayar da karɓar kuɗin makaranta laifi. Gudummawar da iyaye suka amince da ita don ransu daban take, amma dole a rubuta ta, kuma kada a kori yaro a kanta. Abin da aka bayar ba kuɗi ba, kamar yashi da ruwa da aikin gayya na matasa, shi ma a rubuta shi, don masu bayarwa su ji an san da su.

Buƙatu

Yawancin rahotanni kan ƙare da dogon jeri: katanga, ɗakin karatu, kwamfutoci, ƙarin ajujuwa, malamai, filin wasa, sannan roƙon gwamnati ta taimaka. Jeri iri ɗaya ake maimaitawa shekara da shekaru, saboda ba a ce wa zai yi me ba.

Buƙatar da za ta samu biya ita ce wadda ta fito daga alƙaluman da aka riga aka karanta. A makarantarmu, 'yan mata 17 sun fita a aji biyar kuma babu makewayin mata, ɗakuna biyu ba rufi, yara 15 cikin 20 ba sa karatu a aji uku. Waɗannan ukun sun riga katanga da kwamfuta. Sai a raba su bisa wanda ke da iko. Makewayi mai ƙofa biyu aikin gari ne: magini ya yi kiyasin bulo da siminti, matasa su haƙa rami, a sa ranar gamawa kafin damina. Rufin ɗaki guda zai iya fitowa daga tallafin baɗi, ɗayan kuma a rubuta wa SUBEB ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da hoto da awon ɗakin. Malamai ba a hannun kwamiti suke ba, amma wasiƙar da ta ce "muna da 14 a takarda, 10 a aji, ga sunan wanda bai taɓa zuwa ba", ɗauke da sa hannun dagaci da shugaban kwamiti, ta fi ta hedimasta shi kaɗai nauyi, tunda shi ma'aikaci ne a ƙarƙashin wanda yake rubuta wa. Batun karatu kuwa kusan ba ya cin kuɗi: a mayar da malamin da ya fi iya koyar da karatu zuwa aji ɗaya ko biyu, a ware rabin sa'a kowace safiya ana raba yara bisa matakin da suka tsaya a gwajin nan.

Waɗannan su ake zubawa a tsarin bunƙasa makaranta na shekara mai zuwa, kowanne da kuɗinsa da mai alhakinsa da watan da za a gama. A ba 'yan kwamiti rahoton mako guda kafin zama, da Hausa, wanda ba ya karatun boko a karanta masa a gida. Bayan zama shugaba da sakatare su sa hannu a bayanan taro, kwafi guda ya tafi ofishin sakataren ilimi, shafin kuɗi kuma a manna shi a bangon ofishin hedimasta inda iyaye za su gani. Rahoton baɗi zai fara ne da wannan jeri na bana, a bi shi layi-layi ana faɗin wanda aka yi, da wanda ba a yi ba, da wurin wanda ya maƙale.